Takardar Ajiye Aiki: Yadda Ake Ƙirga Wata Ɗaya na Notis

Ma'aikata da yawa sukan rubuta "zan bar aiki nan da wata ɗaya" su sa hannu, su miƙa, shi ke nan. Wata ɗaya daga yaushe? Nan ne rigimar albashin ƙarshe take tasowa, domin ma'aikaci da ofis kowa da nasa lissafin.

A Najeriya, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya wajabta notis na wata ɗaya a kan wanda ya shekara biyar ko fiye yana aiki, kuma dole ya kasance a rubuce. Sai dai dokar ba ta haɗa da manajoji da ƙwararru irin su akanta ba. Su takardar ɗaukarsu aiki ce alƙalinsu, kuma ko ƙaramin ma'aikaci ya kamata ya fara duba tasa, don sau da yawa wata ɗayan yana rubuce a ciki tun ranar farko.

Ga yadda ƙirgen yake. A ce ka miƙa takarda ranar Litinin, 10 ga Maris 2025. Doka ta ce ba a lissafa ranar da aka ba da notis, saboda haka ƙirge ya fara daga 11 ga Maris, ya cika ranar Alhamis, 10 ga Afrilu. Wata a nan watan kalanda ne, ba kwana talatin ba. Wanda ya ƙirga talatin zai tsaya a 9 ga Afrilu, ya bar notis ɗinsa da giɓin kwana guda. Kwana guda ba abin rainawa ba ne: mai tsaurin hali zai iya cewa notis bai cika ba, ya nemi zaftare albashi. Wanda kuwa ya miƙa ranar 31 ga Janairu, nasa yana ƙarewa a ranar ƙarshe ta Fabrairu, tunda watan ba shi da 31.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne ranar karɓa. Notis yana fara aiki ne daga ranar da takardar ta isa hannun hukumar wurin, ba ranar da aka rubuta a samanta ba. Ka rubuta Juma'a, ka miƙa Litinin, to Litinin ce ranarka. Don haka ka tafi da kwafi biyu, a sa maka hannu da hatimi da kwanan wata a kan naka, ka adana.

Ita kanta takardar layi kaɗan ya ishe ta: "Ina sanar da ku cewa zan ajiye aikina, tare da ba da notis na wata ɗaya daga yau, 10 ga Maris 2025. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce Alhamis, 10 ga Afrilu 2025." Dalilin tafiya ba dole ba ne, ƙorafi kuwa ba muhallinsa ba ne.

Idan wa'adin ya faɗo Lahadi kuma ba a aiki ranar, ka ambaci duka biyun: Juma'a ce ranar ƙarshe a ofis, Lahadi notis ya cika, kuma har zuwa ita ake lissafa albashinka.