Katin hoto na zafi, wasa na yankewa: me za ka rubuta wa mai shago?

Duk wanda ya mayar da katin hoto na kwamfuta shago ya ce yana zafi, amsa uku ce ke jiransa: garin ne da zafi, ƙura ce ta toshe fanka, ko wutar gidanka ce ba ta tsayawa. Mai shago bai yi ƙarya ba, kowanne na iya kashe wasa. Saboda haka aikin wasiƙar shi ne ta toshe waɗannan ƙofofin tun kafin ya buɗe baki.

Katin hoto shi ne allon da ke zana duk abin da ake gani a fuskar kwamfuta lokacin wasa, kuma ɗaukar zafi ɗabi'arsa ce. Kati irin RTX 3060 na jan wuta wat 170, yana aiki lafiya a ma'aunin zafi 65 zuwa 80, kuma kamfanin Nvidia ya sa iyakarsa a 93. Kenan "yana zafi" ba hujja ba ce sai da lamba. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana iya adana ma'aunin a fayil yayin da kake wasa. Layi biyu za ka duba: GPU Temperature, wato zafin katin gaba ɗaya, da Hot Spot, wurin da ya fi ko'ina zafi a jikinsa. A lafiyayyen kati tazararsu ba ta cika wuce 10 zuwa 15 ba. In ta kai 25 ko 30, galibi man da ke kai zafi ga ƙarfen sanyaya ne ya bushe, ko ƙarfen bai zauna daidai ba. Wannan kuwa ciwon kati ne, ba ruwan zafin watan Afirilu.

Ita ma Windows tana ajiye shaida. In katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, takan sake tayar da direbansa, ta rubuta a Event Viewer, da lamba 4101:

```
Display driver nvlddmkm stopped responding and has successfully recovered.
```

Sai dai wannan layin shi kaɗai bai kama katin da laifi ba, don gurɓataccen direba ko raunin akwatin wuta ma kan jawo shi. Don haka a goge direban da DDU a sa sabo, a hure ƙura, a tabbatar akwatin wutar ya kai wat 550 da Nvidia ta nema. Gwajin da ya fi duka nauyi shi ne sa katin a kwamfutar wani. In can ma ya yanke, magana ta ƙare.

Ga misalin wasiƙar, kowa ya sa nasa lambobin:

"Zuwa ga Manaja. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranar 3 ga wata na sayi katin RTX 3060 a shagonku, ga hoton rasit da lambar jikin katin. Minti goma da fara wasa zafinsa kan kai 88, Hot Spot ya kai 110, fanka na gudu iya ƙarfinta, sai hoto ya ɗauke. Na sa sabon direba, akwatin wutata wat 650 ne, na kuma gwada katin a wata kwamfutar, bai sake zani ba. Ban kwance shi ba, ban ƙara masa gudu ba. Ina roƙon ku canza min da irinsa cikin kwana bakwai, a gwada shi a gabana. In babu, a mayar min da kuɗina. Na gode, a huta lafiya."

Wannan "ban kwance shi ba" ita ce jimlar da ta fi tsada. Matasa da yawa, da zarar sun ga zafi, sai su ɗauko sukundireba su canza man da kansu. Kan ɗaya daga cikin sukurorin akwai 'yar takarda a manne, tana yagewa mai shago ya samu mafita.

Doka ma tana bayan mai saye. Dokar kare masu sayayya ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba da wata uku a mayar da kaya mai aibu, a gyara, a canza, ko a biya kuɗi. A ganina kada a ambace ta a wasiƙar farko. Ɗan kasuwa ya fi saurin canza wa mutumin da bai yi masa barazana ba. A bar ta sai ta biyu.

Inda lissafi ke sauyawa shi ne katin hannu. Tun da Ethereum ta daina haƙa da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka kwana suka wuni suna aiki suka cika kasuwa, kuma garantinsu sau da yawa 'yan kwanakin gwaji ne da aka faɗa da baki. In irinsa ka saya, aika wasiƙar ta WhatsApp a ranar da wasa ya fara yankewa, don kwanan watan ya zauna a rubuce, sannan ka kai katin cikin kwalinsa, wanda ya karɓa ya sa hannu a kan lambar jikinsa.