Gayyatar imel da mai yawan hidima zai amsa

Mai kantin magani da masu saye suka yi wa caa a tsaitsaye yake duba imel a wayarsa. Idan kamfanin da ke sayar da manhajar lissafin kaya yana son ya halarci gwajinta ta Zoom, wajibi ne gayyatar ta amsa masa tambayoyi uku nan take: me zan samu, minti nawa zai ci mini, ina zan latsa?

Daga kan saƙon ake farawa, domin waya kalmomin farko kawai take nunawa, ta datse sauran. "Gayyata zuwa gagarumin taronmu" bai gaya wa kowa komai ba. Amma "Maganin da ya kusa lalacewa: minti 30, Talata" ya taɓo mai kanti inda yake masa ƙaiƙayi. Sannan saƙon ya fito da sunan mutum tare da na kamfani, yadda za a iya mayar masa da amsa.

Cikin saƙon kada ya zarce haka:

"Assalamu alaikum Alhaji. Ranar Talata da ƙarfe 11 na safe, agogon Najeriya da Nijar, za mu nuna yadda manhajarmu ke fito da jerin magungunan da wa'adinsu zai ƙare nan da wata uku, domin a sayar ko a mayar wa dila. Minti 20 na gwaji, minti 10 na tambayoyi. Idan uzuri ya hana ka, yi rajista, za mu aiko maka da bidiyon."

Babu tarihin kamfani a ciki, babu kirari. An ambaci agogo ne saboda ƙarfe 11 a Kano ƙarfe 10 ne a Kumasi. An kuma kauce wa Juma'a da lokutan salla. Alƙawarin bidiyo kuwa shi ke jawo wanda ke jin nauyin ya ce zai zo, ya kasa.

A ƙarƙashi a sa maɓalli guda, mai kai mutum shafin rajista kai tsaye. Suna da adireshin imel sun wadatar. Duk tambayar da aka ƙara, kamar yawan ma'aikata ko cinikin wata, dalili ce ta fasawa. Da ya gama, a tura masa mahaɗin shiga, a tuna masa ana gobe, a sake tunawa saura awa guda.

Idan rajista ta yi ƙaranci, alƙaluma za su nuna inda gizo ke saƙar. In ba a buɗe saƙon ba, a duba kansa, ko kuma ya faɗa akwatin Spam. In an buɗe ba a latsa ba, amfanin bai fito fili ba. In an latsa aka juya, fom ɗin ne ya yi tsawo. Sai dai tun 2021 manhajar Mail ta Apple kan sa saƙo ya zama kamar an buɗe shi ko ba a karanta ba, don haka adadin masu latsawa da masu rajista ya fi zama abin dogaro. A gyara abu ɗaya tak, a sake aika wa waɗanda ba su yi rajista ba, sannan a kwatanta.