Hannun Jarinka Yana Nan, Kasonka Ya Ragu: Lissafin Shigowar Masu Zuba Jari

A 2004, lokacin da Facebook yake ɗan ƙaramin shafi na ɗaliban jami'a, wani attajiri mai suna Peter Thiel ya zuba dala 500,000 a cikinsa, ya samu kusan kashi 10 cikin 100 na kamfanin. A shekarar da ta biyo baya kamfanin zuba jari na Accel ya kawo dala miliyan 12.7, shi ma ya karɓi nasa rabon. Haka aka yi ta shigowa, wani bayan wani, har zuwa watan Mayun 2012 da aka kai kamfanin kasuwar hannun jari. A lokacin, Mark Zuckerberg yana riƙe da kusan kashi 28 cikin 100 ne kawai na abin da ya kafa. Kowane mai kuɗi da ya shigo ya ɗan matse waɗanda ya tarar a ciki, kuma wannan matsi yana da lissafi wanda duk mai shirin neman jari ya kamata ya iya yi da biro da takarda.

Abin da yake rikita mutane da farko shi ne zaton da suke yi cewa mai kamfani yana ɗebo daga hannayen jarinsa ne ya miƙa wa mai kuɗi. Yawanci ba haka ake yi ba. Kamfanin ne yake ƙirƙiro sababbin hannayen jari ya sayar, kuɗin kuma su shiga asusun kamfani, ba aljihun wanda ya kafa shi ba. Hannayen jarin da kake da su suna nan yadda suke, ko ɗaya bai ɓace ba. Jimillar ce ta ƙaru, don haka naka ya zama ƙaramin yanki a cikinta.

Mu ƙaddara wasu abokai biyu a Kano sun ƙirƙiro manhajar da take haɗa manoman tumatir da masu motocin dako. Sun yi wa kamfani rajista da hannayen jari 1,000,000, kowa ya ɗauki 500,000, wato rabi da rabi. Sai ga mai kuɗi zai zuba naira miliyan 20. Kafin a taɓa ko kwabo, dole a yi ciniki a kan abu ɗaya: nawa ne darajar kamfanin a yau, kafin kuɗin su shiga? A ce an daidaita a kan miliyan 80. Da zarar miliyan 20 ta shiga, darajar ta zama miliyan 100, mai kuɗi kuma yana da 20 daga ciki, wato kashi 20 cikin 100. Idan aka raba miliyan 80 da hannayen jari miliyan ɗaya, kowane hannu ya kama naira 80, saboda haka za a buga masa sababbi 250,000. Jimilla ta koma 1,250,000. Kowane ɗaya daga cikin abokan nan yana nan da 500,000 ɗinsa, sai dai yanzu kashi 40 ne, ba 50 ba.

Shin sun yi asara? A ranar da aka sa hannu, a'a. Rabin miliyan 80 miliyan 40 ne, kashi 40 na miliyan 100 shi ma miliyan 40 ne. Abin ya yi kama da watanda: wanda ya samu kashi ɗaya cikin goma na naman sa ya fi wanda ya samu ɗaya cikin biyar na naman akuya. Raguwar kaso ba ita ce cutar ba. Abin tambaya shi ne a kan wane farashi aka rage, kuma wa aka ɗora wa nauyin ragin.

A nan ne ake fara wayo. Kalma ɗaya a takardar yarjejeniya tana iya sauya lissafin duka. Idan mai kuɗi ya ce ya yi wa kamfaninku kuɗi miliyan 80, sai a tambaye shi: kafin kuɗinka su shiga, ko bayan sun shiga? In bayan sun shiga yake nufi, to miliyan 20 ɗinsa ta zama kashi 25, kamfanin da kuka gina kuma miliyan 60 ya yi masa kuɗi.

Sannan akwai maganar rabon ma'aikata. Sabon kamfani ba ya iya biyan ƙwararren mai rubuta manhaja albashin da banki zai ba shi, sai ya cike giɓin da alkawarin hannun jari. Masu zuba jari sun san da haka, don haka sukan ce a ware wani kaso, a ce kashi 10, a ajiye wa ma'aikatan da za a ɗauka nan gaba. Magana ce mai ma'ana. Sai dai kusan kullum sukan nemi a ware shi kafin su shigo, domin kada ragin ya taɓa su. A misalinmu, mai kuɗi yana nan da kashi 20, ma'aikata 10, abokan biyu kuma ya rage musu 70, kowa 35. Takarda tana nan tana cewa miliyan 80, amma abin da yake hannunsu miliyan 70 ne, farashin hannu ɗaya kuma ya sauko daga naira 80 zuwa 70. A ganina wannan ne wurin da sababbin shiga suka fi yin sakaci, domin hankalinsu yana kan babban adadin da za su faɗa wa 'yan uwa da abokai. Hanyar da ta fi ita ce su zauna su lissafa mutum nawa za su ɗauka aiki kafin zagaye na gaba da abin da kowa zai samu. In lissafin ya nuna kashi 6 ya isa, su tsaya a kan 6.

Bayan wata goma sha takwas, a ce harka ta yi kyau, manhajar ta kai Kaduna da Jos. Wani babban kamfanin zuba jari zai kawo miliyan 100, a kan darajar miliyan 400 kafin kuɗi. Shi ma ya samu kashi 20 na miliyan 500. Ga dabarar da take sauƙaƙa lissafin: in sabon shiga ya ɗauki kashi 20, duk wanda yake ciki zai rage da huɗu bisa biyar na abin da yake da shi.

```
sabon kaso = tsohon kaso × (1 − kason sabon shiga)
35 × 0.8 = 28
```

Kowane aboki ya dawo kashi 28, mai kuɗin farko ya sauko daga 20 zuwa 16, rabon ma'aikata ya koma 8. Amma kashi 28 na miliyan 500 miliyan 140 ne. Mutumin da yake da miliyan 35 a takarda yanzu yana da ninki huɗu, alhali kasonsa ya ragu.

Mai kuɗin farko yana da garkuwar da abokan ba su da ƙarfin ɗauka. Yawancin yarjejeniyoyi suna ba shi haƙƙin sayen rabonsa a duk sabon zagaye. In ya zuba miliyan 20 daga cikin miliyan 100 ɗin da ake nema, zai ƙara kashi 4 a kan 16 ɗinsa ya koma 20. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ita ma ta tanadi cewa a fara tayin sababbin hannayen jari ga waɗanda suke ciki, gwargwadon rabonsu. Sai dai haƙƙin saye yana amfanar mai kuɗin saye ne kawai, kuma da yawa daga sababbin kamfanonin fasaha na Najeriya da suke neman jarin waje suna yin rajistar uwar kamfanin a jihar Delaware ta Amurka, inda abin da aka rubuta a yarjejeniya ya fi yin aiki.

Duk wannan lissafin daɗi ne, muddin daraja tana hawa. Yanzu a ce kasuwa ta juya, kuɗi sun kusa ƙarewa, ana neman wata miliyan 100, amma ba wanda zai yi wa kamfanin kuɗi sama da miliyan 150. Sabon shiga zai ɗauki 100 cikin 250, wato kashi 40. Kashi 28 na kowane aboki ya faɗo 16.8, darajarsa kuma daga miliyan 140 ta dawo 42. Irin wannan yana faruwa har da manya: kamfanin Klarna na Suwidin, wanda aka yi wa kuɗi dala biliyan 45.6 a 2021, ya karɓi jari a kan biliyan 6.7 a 2022. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne masu zuba jari na baya sukan sa sharaɗin kariya, cewa in aka sayar ƙasa da farashin da suka saya, za a ƙara musu hannayen jari. Mafi tsananin wannan sharaɗi yana mayar da su kamar a sabon farashin suka saya tun farko. Mai sassauci, wanda ya fi yawa, yana duba yawan abin da aka sayar da arha ya yi gyara gwargwado. Ko wanne ne, ƙarin daga rabon waɗanda suka kafa kamfanin da ma'aikatansu yake fitowa, tunda su ba su da irin wannan sharaɗi.

Mu koma Facebook, domin a can aka ga ragin da ba a raba shi daidai ba. Eduardo Saverin, wanda ya sa kuɗin farko, yana da kusan kashi 30 a asali. A 2004 aka sake kafa kamfanin a Delaware, ya sa hannu a sababbin takardu. A farkon 2005 aka fitar da miliyoyin sababbin hannayen jari aka raba wa Zuckerberg da wasu abokan aikinsa, shi ba a ba shi ba, rabonsa ya faɗi ƙasa da kashi 10. Maganar ta kai kotu, daga baya aka sasanta a waje, aka kuma amince da sunansa cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Alamar gane irin wannan ragi a fili take: a ɗauko jadawalin masu hannun jari na kafin da na bayan, a raba sabon kason kowa da tsohonsa. In zagaye na adalci ne, amsar kowa ɗaya ce, kamar 0.8 da muka samu ɗazu. In ta wani ta sha bamban, an ƙara masa ne ko an kare shi, kuma akwai wanda ya biya. A nemi jadawalin da ya ƙunshi komai, har da rabon ma'aikata da basussukan da aka yi alkawarin za su rikiɗe su zama hannun jari, domin su ma za su fito ranar lissafi.

Shi kuwa Zuckerberg, da kashi 28 ɗinsa ya riƙe kusan kashi 57 na ƙuri'un kamfanin a 2012. An raba hannayen jarin gida biyu, irin nasa kowane ɗaya yana da ƙuri'a goma, na jama'a ƙuri'a ɗaya, sannan wasu daga cikin masu zuba jarin farko suka wakilta shi ya jefa tasu. Ƙaramin kamfani ba safai yake da ƙarfin neman irin wannan ba. Abokan nan na Kano, bayan zagaye na biyu suna da kashi 56 in suka haɗa kai, bayan na uku kuwa 33.6 ne, kuma daga nan masu kuɗi ne za su yanke ko su biyun za su ci gaba da shugabanci.