Yadda Ake Kwashe Jama'a Daga Hoto Ba Tare Da An Kori Kowa Ba

Duk mai son ɗaukar hoton Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano da rana tsaka ya san abin da zai tarar. Masu wucewa ba sa yankewa, ga babura, ga adaidaita sahu, ga yara masu talla. Idan ginin kaɗai ake so, don littafin tarihi ko don adana siffar zanen bango, jiran a samu fili aikin banza ne. Amma akwai dabarar da masu hoton gine-gine suka daɗe suna amfani da ita: a ɗauki hoton wuri guda sau da yawa daga matsaya guda, a ɗora hotunan bisa juna a kwamfuta, sannan a sa manhaja ta zaɓi abin da ya fi dawwama a kowane ɗigo. Bango ba ya motsi, mutane kuwa suna tafiya, don haka bango ne ke saura.

Tun farkon sana'ar hoto an ga irin wannan. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton titin Boulevard du Temple a Paris, titi mai hada-hada, sai ya fito kamar ba kowa a garin. Farantinsa na buƙatar mintuna kafin ya kama haske, kekunan doki da masu tafiya duk suka ɓace, sai mutumin da ya tsaya ana goge masa takalmi da mai gogewar. Dabarar yau ta fi waccan tsabta, amma rauninsu ɗaya: wanda ya tsaya cak zai fito.

Hoton dijital ɗigo-ɗigo ne, kuma a hoto irin na JPEG kowane ɗigo yana da lambar haske daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat, ana lissafa ja da kore da shuɗi kowanne daban. Mu ɗauki ɗigo guda a jikin bangon, a hotuna tara. A ce lambobin sun zo haka: 141, 143, 30, 142, 250, 140, 144, 245, 142. Shida daga ciki bangon ne da kansa, yana ɗan rawa tsakanin 140 da 144. Lambar 30 wata baiwar Allah ce mai baƙin hijabi ta gitta, 250 da 245 kuma masu farar riga ne. Idan aka tara duka aka raba gida tara, za a samu 153, lambar da ba ta bangon ba ce kuma ba ta kowa ba, shi ya sa hoton da aka haɗa ta wannan hanya yake cika da inuwoyin mutane dishi-dishi. Lissafin midiyan ba ya tarawa. Jera lambobin yake yi daga ƙarama zuwa babba, 30, 140, 141, 142, 142, 143, 144, 245, 250, sai ya ɗauki ta tsakiya, ta biyar. Ita ce 142, launin bango sak. Masu wucewa an tura su baki-baki, ba su taɓa sakamakon ba.

Daga nan ne sharaɗin aikin duka ya fito, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe: dole kowane ɗigo ya kasance a buɗe a fiye da rabin hotunan. In dai an cika wannan, ta tsakiya tilas ta faɗa cikin lambobin bango. Saboda haka tazarar lokaci ta fi yawan hotuna amfani. Wanda ya danna maɓalli ya zuba hotuna talatin cikin daƙiƙa biyar bai yi komai ba, domin dattijon da ke tafe a hankali yana nan kusan inda yake a dukkansu. Hotuna goma sha biyar zuwa ashirin, da tazarar daƙiƙa goma ko ashirin tsakaninsu, sun fi ɗari da aka yi a jere. Kuma mai hoto ya riƙa kallon wurin da idonsa, ya lura da kusurwar da ba ta buɗewa, ya danna daidai lokacin da ta buɗe.

Sauran shirin ba shi da wuya. A nemi izini tukuna, musamman a wuri irin fada. A kafa kyamara ko waya a kan mariƙi mai ƙafa uku, kar a taɓa ta da hannu, a yi amfani da rimot ko agogon jinkiri. A mayar da ita tsarin M, a kulle haske da fokas da daidaiton launi. Dalilin kullewar shi ne, idan farar mota ta cika gaban kyamara mai sarrafa kanta, sai ta rage haske, bangon da yake 142 ya koma ƙasa da haka a wannan hoton, lissafi ya fara rikicewa.

A Photoshop hanyar ita ce File > Scripts > Statistics, a zaɓi Median a wurin Choose Stack Mode, a loda hotunan, a kunna Attempt to Automatically Align Source Images domin ya gyara ɗan gocin da ba a rasa ba. Wanda ba shi da kuɗin wannan manhaja, ImageMagick kyauta ce, kuma layi ɗaya ya isa:

```
magick *.jpg -evaluate-sequence median sakamako.jpg
```

Sai dai wannan layin ba ya daidaita hotunan, don haka yana buƙatar kyamarar da ba ta motsa ko kaɗan ba.

Idan aikin ya ɓaci, hoton da kansa yana nuna inda matsalar take. Dogarin da ke zaune a bakin ƙofa cikin jan kayansa da kore zai fito, amma sau da yawa gangar jikin ce za ta fito tsaf, kai da hannuwa su narke, tunda su yake motsawa. Dabbare-dabbaren launin toka a bakin mashiga alama ce ta cewa mutane sun rufe wurin fiye da rabin lokaci, kuma ƙarin hotuna ba zai magance ta ba in cinkoson bai ragu ba. Gefen bango ya yi laushi ko ya fito biyu-biyu, kyamara ce ta gusa. Ganyen bishiya da tuta da gajimare kuwa sukan cakuɗe, domin su ma masu motsi ne, lissafin bai san bambancinsu da mutum ba. Akwai kuma rana, wadda ke matsawa kusan digiri 15 a awa guda. Idan ɗaukar ta kai rabin awa, bakin inuwar gini zai fito a dame, shi ya sa gwanaye ke ƙoƙarin gamawa cikin 'yan mintuna.

Maganin yawancin waɗannan guda ne: a koma cikin hotunan na asali, a nemo ɗaya da wurin ya fito sarai, a ɗora shi a kan sakamakon, a buɗe wannan yankin kaɗai da burushi. Sararin sama ma gara a ɗauko shi daga hoto guda. Inda kuwa ba a samu buɗi ko sau ɗaya ba, kamar ƙarƙashin motar da aka faka tun safe, babu abin da za a ɗauko, sai dai a dawo wata rana.

Hoton da ya fito a ƙarshe, ba abin da aka ƙirƙira a cikinsa, kowane launi kyamara ce ta gan shi a wurin. Duk da haka ba a taɓa yin lokacin da ƙofar ta kasance wayam haka ba. Ga mai nazarin gini wannan ba laifi ba ne, abin da yake nema ke nan. A jarida kuwa bai halatta a buga shi a matsayin hoton labari ba tare da an faɗa cewa haɗi ne ba, domin da wannan dabara ana iya nuna taron da ya cika maƙil kamar ba wanda ya halarta.