Neman Izinin Zuwa Ganawar Biza: Kwana Nawa, da Wace Takarda?

A Najeriya, wurare biyu ake yin ganawar bizar Amurka: ofishin jakadanci da ke Abuja, da ƙaramin ofishinsu na Legas. Ranar da aka ba ka kuma ba a cinikinta, kuma sauya ta kan jefa mutum jiran makonni ko watanni. Shi ya sa ya kamata wasiƙar neman izini ta shiga ofis a ranar da aka samu gurbin.

Mu ɗauki ma'aikaciyar jinya a Kano, an sa mata Talata da ƙarfe takwas na safe a Abuja. Da yawa kan nemi Talatar kaɗai, kuma a nan ake yin kuskure. Tafiyar ta haura kilomita 400, ba wanda zai taso da asuba ya cim ma layi. Kwana uku take buƙata: Litinin ta tafi, Talata ganawa, Laraba ta dawo. Ta rubuta ranakun ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi ranar da za ta koma bakin aiki, da sunan wadda ta amince za ta riƙe mata aikinta. Wannan layi na ƙarshe shi ke sa shugaba ya sa hannu ba tare da jan rai ba, domin damuwarsa ita ce wa zai tsaya a ɗakin marasa lafiya.

Wasiƙar ta bi ta hannun shugaban sashe kafin ta kai sama. Ta kuma yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ta adana. "Ai na faɗa wa oga" ba hujja ba ce ranar da aka aiko da takardar tuhuma.

Abin da za a maƙala kaɗan ne. Kwafin takardar tabbatar da ranar ganawa ya wadatar, tunda tana ɗauke da suna da rana da lokaci da wuri. Bayanan asusun banki da sauran takardun iyali ba su da abin yi a fayil ɗin da ke yawo daga tebur zuwa tebur. Fasfo na ainihi da shafin tabbatar da cike fom ɗin DS-160 su zauna a jakarta, domin su za a nema a ƙofa.

Akwai abu biyu da ake yawan haɗawa da wannan izini alhali daban suke. Ɗaya ita ce wasiƙar gabatarwa, wadda wurin aiki ke bayarwa don shaida cewa mutum ma'aikacinsu ne, da muƙaminsa da lokacin da ya fara aiki. Ita tana cin lokaci, don haka a neme ta tare da izinin. Ɗayan kuwa izinin fita ƙasar waje ne. Amincewa da kwana ukun Abuja bai haɗa da shi ba, sai an sake rubuta wata wasiƙar bayan biza ta fito.