Kuɗin da shafi ya haifa: yadda jimla ke ninkuwa a dogon tebur

Idan lissafin kuɗi ya fi ƙarfin shafi ɗaya, akawu kan rufe kowane shafi da layin jimlar shafi. Wani lokaci ma yakan buɗe na gaba da layin abin da aka ɗauko daga baya. Waɗannan layuka ba sababbin kuɗi ba ne, maimaici ne kawai. Wanda ya kwafe teburin ya zuba a Excel ya tara komai, ya ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu.

A ce ƙungiyar manoma ta rubuta kuɗin takin da mambobi suka biya. Shafin farko yana da mutum uku: naira 40,000 da 25,000 da 35,000, jimlar shafi 100,000. Shafi na biyu yana da 30,000 da 20,000, jimlar shafi 50,000. Kuɗin da ke hannu 150,000 ne, amma wanda ya tara duk layukan zai ga 300,000. Alamar da ke tona asirin ke nan: sakamakon ya ninka na gaskiya daidai wa daida.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne jimla mai tafiya. A nan shafi na biyu yana farawa da 100,000 da aka ɗauko, ya ƙare da 150,000. Tara komai zai ba da 500,000, adadin da ba ninki biyu ba ne, don haka ido ba ya saurin kama shi. Shi ya sa tun kafin a taɓa lissafi ake duba layin farko na shafi na biyu. In ya yi daidai da na ƙarshen shafin farko, to jimla mai tafiya ce.

Maganin shi ne a ƙara ginshiƙi ɗaya na alama. A rubuta "abu" a gaban kowane biya na ainihi, "jimla" kuma a gaban layukan maimaici, har da kan teburin da ke sake bayyana a saman kowane shafi. In kuɗin yana ginshiƙin C, alamar tana D, sai a rubuta:

```
=SUMIF(D:D,"abu",C:C)
```

Wannan zai tara layukan "abu" kaɗai. Kada a dogara da neman kalmar jimla a cikin rubutun, domin wani layin ba shi da suna, sai dai an ja masa layi a ƙasa ko an kaurara rubutunsa, kuma kwafi yakan shafe wannan.

Kada kuma a goge layukan jimlar, domin su ne shaidu. Tara abubuwan kowane shafi ka gwada da jimlarsa. In shafin farko ya ba ka 65,000 maimakon 100,000, ka san layin 35,000 ya salwanta wajen kwafi, kuma ka san shafin da za ka koma ka nemo shi.