Goge Baƙo a Hoton Iyali: Waya Ba Ta Ga Abin da Ke Bayansa Ba

Duk bayan Sallah, ko bayan bikin Rigata a nan Yawuri, sai ka ga matasa a gindin bishiya kowa da wayarsa, ana ta goge mutane daga hotuna. An ɗauki hoton iyali a bakin ruwa, wani bawan Allah ya gifta ta baya da buhun albasa a ka, sai a shafa masa yatsa ya ɓace. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya ishe ni shi ne maganar da ke biyo baya, wadda na ji har daga bakin masu shagon wanke hoto a Yelwa: wai manhajar tana cire mutum ne ta fito da abin da ya tare. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo asarar hotunan da ba za a sake samun irinsu ba.

Kyamara tana ɗaukar hasken da ya iso gare ta ne kawai. Idan mutum ya tsaya tsakaninta da kwalekwale, hasken rigarsa ne ya shiga, na kwalekwalen bai shiga ba. Hoton waya kuwa ɗigo-ɗigo ne na launi da aka jera, kowane gurbi ɗigo ɗaya, babu wani ɓoye a ƙarƙashinsa. Saboda haka idan ka cire mutumin, rami ne ya rage. Aikin manhaja shi ne toshe ramin, kamar yadda tela ke yanko ƙyalle daga gefen riga ya yi wa inda ta yage maho. Ko dai ta kwafo ɗigo daga kusa ta liƙa, kamar yadda Healing na Snapseed da Clone Stamp na Photoshop suke yi, ko ta ƙirƙiro abin da ya yi kama da wurin, kamar Magic Eraser da kamfanin Google ya fitar a 2021. A duka biyun, cikon zato ne.

Mai gardama zai ce, to ai na goge mutum ruwa ya fito, kuma ruwa ne a bayansa. Haka ne, amma ba ruwan da ke bayansa ba ne, na gefensa ne aka maimaita. Ruwa da yashi da sararin sama kowane ɓangarensu kama yake da ɗan'uwansa, shi ya sa ido ba ya ganewa. Ga jarrabawa mai sauƙi. Ka sa yaro ya tsaya gaban allon wata makaranta ya tare rabin rubutun, ka ɗauka, ka goge shi. Rubutun ba zai dawo ba. Ko dai wurin ya zama fili, ko wasu haruffa marasa ma'ana su fito. Idan da wayar ta ga abin da ke baya, me ya hana ta karanto shi? Ka sake gogewa daga farko, sau da yawa ma cikon da za ta ba ka ya bambanta da na ɗazu, alhali allon bai canja ba.

Wannan kuskuren fahimta yana da illa, domin wanda ya yarda cewa waya na fito da gaskiya ba ya tsoron adana aikinsa a kan hoton asali. Yana ganin bai rasa komai ba. Kuma ba ya jin nauyin shafa yatsa a kusa da fuskar mahaifiyarsa. Sai bayan an wanke an sa a firam a ga kunnenta ya narke cikin mayafi, ko hannun jariri ya ƙaru da yatsa. Idan tsohuwar ta rasu, wannan gurɓataccen hoton ne jikoki za su gada. Don Allah a daina wasa da wannan.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Iyali sun jeru a bakin kogi a Yelwa da yamma, kaka a tsakiya a kan kujera. Bayansu ruwa ne, can nesa ga layin ƙetare, ga kwalekwale a ɗaure. Wani masunci ya ratso ta baya da filafili a kafaɗa. Kansa ya tsinka layin ƙetaren, ƙugunsa ya tare bakin kwalekwalen, gwiwar hannunsa kuma ta haɗu da gefen mayafin kaka.

Kafin komai, a nemo hoton asali daga wayar da ta ɗauka. Wanda aka turo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba an matse shi. Waya mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsawo, amma bayan turawar yakan dawo wajen 1600 da 1200. Masuncin da tsawonsa ya kai ɗigo 600 a asali ya koma 240, bakin mayafin ya dushe, ba ka da iyakar da za ka bi. Ga kuma lissafin wanki: hoto mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato ɗigo 1600 inci biyar da 'yan kai kawai za su ba ka, alhali firam mai inci 8 da 10 yana son 2400 da 3000. A ce wa mai wayar ya turo a matsayin Document, ko a kwafa ta waya da waya. Hoton fuskar waya da ake ɗauka daga sitatus kuwa bai cancanci a ɓata masa lokaci ba. Da asalin ya zo, a kwafe shi, a yi aiki a kan kwafin.

Sai a tambayi mai ɗaukar ko ya danna fiye da sau ɗaya. Yawanci ya danna. Mai tafiya ba ya tsayawa wuri guda, don haka a hoto na gaba ya riga ya matsa, kuma bakin kwalekwalen na ainihi yana nan a fili. Ko dai a ɗauki wancan hoton a huta, ko, idan a cikinsa wani ya rufe ido, mai Photoshop ya ɗora ɗaya bisa ɗaya ya ɗebo wurin da ake so. Wannan ce kaɗai hanyar da ke dawo da abin da yake bayan mutumin da gaske, domin kyamarar ta gan shi a wancan karon. Idan kuma baƙon a can gefe yake, a datse gefen kawai, ba sai an yi ciko ba.

In babu hoto na biyu, sai ciko. A Snapseed, wadda kyauta ce, za a shiga Tools a zaɓi Healing. Kada a shafe mutumin da jan yatsa ɗaya. A buɗa hoton da yatsu biyu har ya yi girma sosai, domin girman burushin yana raguwa ne gwargwadon yadda aka buɗa. A fara da sassan da ruwa zalla ya kewaye, kamar bakin filafilin da kafaɗa, ana shafawa kaɗan-kaɗan a kwance, yadda igiyar ruwan take. Duk shafar da ta fito ba daidai ba a mayar da ita baya nan take, kada a ɗora wata a kanta, don tabo kan tabo ne ke haifar da dabbare-dabbaren da ake gani kamar an zuba mai.

Layin ƙetare shi ne wurin farko da ake kama mai gaggawa. Inda kan masuncin yake, layin yakan fito a karye, ɓangare ɗaya sama ɗaya ƙasa. A nan Clone Stamp ya fi, saboda kai ne kake zaɓar inda za a kwafo: ka ɗora shi daidai kan layin daga hagu, ka ja zuwa dama a daidai wannan tsayi. Bakin kwalekwalen kuwa babu inda za a kwafo shi, tunda guda ɗaya ne kuma an tare shi. Ko dai a cire kwalekwalen gaba ɗaya a cika da ruwa, ko a haƙura da masuncin. Jirgi mai rabin baki ya fi baƙo ɗaukar ido.

Inda gwiwar hannunsa ta taɓa mayafin kaka nan ne aikin yake. Manhaja ba ta san wane ɗigo ne na kaka, wane ne na baƙo ba, musamman idan launin kayansu ya zo kusa. A kwamfuta ana fara zagaye kaka da layin zaɓi a killace ta, yadda burushi ba zai tsallaka ba, sannan a kwafo ruwa a kawo har bakin mayafin. A waya babu wannan kariyar a Healing, don haka a tsaya nesa kaɗan da mayafin, a bi ragowar da taɓi ɗai-ɗai. Idan baƙon gaban wani ya bi, ya tare masa fuska ko hannu, to a tsaya nan. Duk abin da zai fito ba fuskar ɗan'uwanka ba ce.

Sannan inuwa. Da yamma inuwa doguwa ce, kuma wanda ke bakin ruwa surarsa tana cikin ruwan. Mutane suna goge jiki su bar inuwa kwance a yashi babu mai ita, ko su bar takalmi tsakanin ƙafafun kujera. A bi waɗannan duka. Bayan an gama a buɗa hoton a duba abu uku: igiyar ruwa ko dutse iri ɗaya da ya maimaitu kusa da juna, wurin da ya yi sumul fiye da kewayensa, da layin da ya karkace. A adana da sabon suna. A Google Photos akwai Save copy don haka.

Akwai kuma iyakar da ba ta fasaha ba. A zamanin Stalin akwai sanannen hoton da aka ɗauke shi a bakin magudanar ruwan Mosko tare da Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan asirinsa. Bayan an kashe Yezhov a 1940, sai aka shafe shi aka cike gurbinsa da ruwa, kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba. Dabarar ɗaya ce da ta cire masuncinmu, niyya ce ta bambanta. Cire mai wucewa gyara ne, har ma sutura ce gare shi idan matar aure ce da ba ta san an ɗauke ta ba. Amma abin da nake gani yanzu, ana shafe matar uba don an rabu, ko ɗan'uwa don rigimar gado, wannan ƙarya ce ake shirya wa 'ya'ya. Haka nan hoton da zai iya zama shaida a rikicin gona ko gaban alƙali, ba a taɓa shi ko kaɗan.

Mafi arha dai shi ne a lokacin ɗauka. A bakin tasha ko ranar kasuwa mutane ba sa yankewa, don haka mai ɗauka ya dubi bayan iyalin kafin ya dubi fuskokinsu, ya jira mai wucewa ya wuce, ya danna sau uku ko huɗu ba tare da ya gusa daga inda yake ba. Wanda kuma ya kai hoto shago, ya ce a ba shi asalin da wanda aka gyara, ya ajiye su biyun.